Kasafi Kafin Rubutu: Yadda Ake Shirya Takardar Neman Tallafin Jari



 

An ce in yi magana a kan yadda matashi zai shirya takardar neman tallafi, wadda da yawanku kuke kira furofozal, tare da kasafin kuɗin da ke tafiya da ita. Na ɗan taɓa zama cikin masu tace irin waɗannan takardu, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne in ga takardar yaron da na tabbata yana da sana'a a hannunsa, ya san aikinsa, amma an ajiye ta gefe saboda lissafinsa bai tsaya ba. Don haka yau ba zan zagaya duniya ba. Zan ɗauki sana'a guda, kiwon kajin nama, mu bi lissafinta tun daga ɗan tsako har zuwa ranar sayarwa. Mai ɗinki da mai man gyaɗa da mai gyaran waya kowa ya riƙa ɗora tasa sana'ar a kan ma'aunin.

Batu na farko: san irin kuɗin da kake nema

Kalmar tallafi ta zama babbar riga a bakinmu, komai ana cusa shi ciki. Akwai kyauta wadda ba a biya, akwai kuma bashi mai sauƙin sharuɗɗa, kuma takardar da ake rubuta wa kowannensu daban ce.

Ku ɗauki shirin Gidauniyar Tony Elumelu, wanda aka fara a 2015 da alƙawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara goma a kan matasan Afirka 10,000. Wanda ya yi nasara ana ba shi horo, sannan a ba shi jarin dala 5,000 wanda ba zai mayar ba. An saba buɗe neman ranar 1 ga Janairu a shafin TEFConnect. Kafinsa akwai YouWiN na Gwamnatin Tarayya da aka ƙaddamar a 2011, wanda ya riƙa ba da tsakanin naira miliyan 1 zuwa miliyan 10 ga waɗanda tsarin kasuwancinsu ya yi fice a gasa. Waɗannan biyu kyauta ne. Amma Asusun Zuba Jari na Matasan Nijeriya, NYIF, da aka kafa a 2020 da naira biliyan 75, rance ne, ana biyan sa. Matasa nawa ne suka cike fom ɗinsa suna zaton rabonsu ne na arzikin ƙasa, sai daga baya suka ji ana maganar biya?

Mai ba da rance tambayarsa ita ce, daga ina za ka biya ni, kuma a wane wata? Mai ba da kyauta yana so ya san abin da kuɗinsa zai haifar wanda ba zai samu ba in ba da shi ba, kuma ko sana'ar za ta ci gaba da numfashi bayan kuɗin ya ƙare. Idan rance ne, ka duba ko akwai kuɗin ruwa a ciki, ka nemi fatawar malaminka tun kafin ka sa hannu.

Sannan ka zauna ka karanta sharuɗɗan asusun daga farko har ƙarshe, da alƙalami a hannu. Shekarun haihuwa nawa suka iyakance? Shekara nawa sana'ar za ta yi kafin a karɓe ta? Suna neman rajistar CAC? Nawa ne iyakar abin da za a iya nema? Me suka ce ba za su biya ba? Asusu da yawa ba sa yarda a sayi fili da kuɗinsu, ko a biya tsohon bashi, wasu ma har albashin mai sana'ar ba sa ɗauka. Kafin a kai ga karanta labarinka mai daɗi, akwai wanda aikinsa kawai ya duba waɗannan, kuma a nan takardu masu yawa suke mutuwa. Abu mafi ƙanƙanta yakan ka da mutum: sunan da ke katin NIN Muhammad, na BVN Mohammed, ranar haihuwa kuma kowanne da tasa. Gyaran wannan yakan ɗauki makonni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Batu na biyu: kasuwa ake fara zuwa, ba shagon kwamfuta ba

Ga yadda akasari ake yi. An ji labarin asusu yana ba da har naira miliyan 2. Sai yaro ya tafi shagon masu buga takardu, a ɗauko masa tsohuwar furofozal ta wani, a canza suna da gari, a rubuta shafi goma a kan rashin aikin yi a Nijeriya. A shafin ƙarshe sai a tuna da kasafi, a raba miliyan 2 ɗin gida huɗu: kayan aiki 800,000, abinci 600,000, gini 400,000, sauran buƙatu 200,000. Jimla miliyan 2 cif.

Ƙannena, mai tace takarda yana ganin wannan daga nesa. A rana guda zai ga irinta ashirin, wani lokaci da kuskuren rubutu iri ɗaya a layi ɗaya. Wace kasuwa ce ake sayen kaya kuɗin ya riƙa faɗawa cif-cif haka? Kasafin da jimlarsa ta yi daidai da iyakar asusu yana faɗa wa mai karatu cewa daga kuɗin aka faro, aka nemo masa abin kashewa.

Abin da nake roƙonku shi ne ku juya tsarin. Kasafi ake fara yi, kuma da ƙafa ake yin sa. Ka ɗauki littafi ka je wurin dilan abincin kaji, ka je wurin wani dilan, ka ƙara da na uku. Ka ce su rubuta maka farashi a takardar shagonsu da kwanan wata da lambar waya. Ka kira kafinta da magini su auna wurin su yi maka kiyasi a rubuce. Idan ka gama, za ka tarar rabin abin da za ka rubuta a takardar ya riga ya fito daga cikin lissafin.

To mu shiga misalinmu. Ku ƙaddara matashi ne da ke kiwon kaji 50 a bayan gidansu, ya yi zagaye huɗu, yanzu yana so ya koma 200. Farashin da zan ambata na ɗauke su ne don mu samu abin yin lissafi. Kada kowa ya kwafe su cikin takardarsa, domin farashin da za ka sa shi ne wanda ka ji da kunnenka a makon da kake rubutu.

Kasafin gida biyu ne. Gida na farko kayan da ake saya sau ɗaya su daɗe ana amfani da su. Kaji 200 suna bukatar ɗaki kamar mita 5 tsawo, mita 5 faɗi, domin a ƙasar zafi irin tamu cunkoso kisa ne. Mu ce faɗaɗa ɗakin, da langa-langa da waya da katako da ladan aiki, naira 380,000. Mazubin abinci 8 da na ruwa 8, kowanne 4,500, ya kama 72,000. Tankin ruwa 70,000. Sikeli 28,000. Jimlar wannan gida 550,000.

Gida na biyu kuɗin juyawa, wato abin da zagaye guda zai ci. 'Yan tsaki katan 4, kowane katan 50, a kan naira 1,000 kowane tsako, 200,000 ke nan. Sai abinci, kuma a nan nake so kowa ya buɗe kunnensa. Kazar nama takan ci kimanin kilo 4 da rabi daga ranar farko zuwa mako na bakwai. Kilo 4 da rabi sau 200, kilo 900. Buhun abinci kilo 25 ne, saboda haka buhu 36. Idan buhu 24,000 ne, abinci kaɗai ya tashi 864,000. Rigakafin Gumboro da Lasota da sauran magunguna, mu sa 250 a kan kowace kaza, 50,000. Gawayin ɗumama tsaki da ɓuntun shinkafa na shimfiɗa da ruwa, 46,000. Sufuri 20,000. Yaron da zai taimaka, wata biyu a kan 30,000, ya kama 60,000. Duka 1,240,000.

Kun lura abinci ya cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin zagayen? Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san haka abin yake. Idan na ɗauki takarda na ga an sa kaji 500 amma abinci buhu 30, ba sai na tambayi kowa ba, na san mai takardar bai taɓa kwana da kaza ba. Kowace sana'a tana da irin wannan ma'auni da 'yan cikinta suka sani. Tela ya san yadi nawa ke fitar da riga, mai man gyaɗa ta san kwalba nawa tiya take bayarwa. Wannan ilimin naku ne, mai shagon kwamfuta ba shi da shi, kuma shi ake nema a gani a takardar.

Ku kuma lura da yadda aka gina kowane layi: abu, yawansa, farashin guda, sannan jimla. Kada ka rubuta “abinci, 864,000” ka wuce. Ka rubuta buhu 36 a kan 24,000. Wanda ke amfani da Excel, in ya sa yawa a ginshiƙin B, farashi a C, to a D2 sai ya rubuta na farkon waɗannan, ya ja shi ƙasa zuwa kowane layi, a ƙasan jeri kuma ya rubuta na biyu:

```
=B2*C2
=SUM(D2:D11)
```

Amfaninsa shi ne ranar da farashin buhu ya motsa, wuri ɗaya za ka taɓa, komai ya gyara kansa. Wanda ba shi da kwamfuta ya yi da biro da kalkuletar waya, amma ya haɗa jimlar sau biyu, ya ba wani ya sake haɗawa. Na sha ganin takarda mai kyau wadda jimlar ƙasa ta saɓa wa layukan sama, kuma daga nan zuciyar mai karatu take fara sanyi.

Saura abu biyu kasafin ya cika. Na ɗaya, kuɗin ko-ta-kwana. Tsakanin ranar da ka miƙa takarda da ranar da kuɗi zai shiga asusunka ana iya yin wata uku, ana iya yin shida. Kun ga yadda kaya suka yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Idan asusun ya yarda, ka ware kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ka kira shi da sunansa, ka faɗi dalilinsa. A misalinmu kashi 10 na kuɗin juyawa, 124,000. Kada ka ɓoye shi ta hanyar kumbura farashin kaya, domin masu tacewa su ma suna cin kasuwa. Kada kuma ka sa layin “sauran abubuwa” mai ƙiba, shi ne layin da aka fi saurin sokewa.

Na biyu, gudummawarka. Jimlar aikin yanzu 550,000 da 1,240,000 da 124,000, wato 1,914,000. Matashinmu yana da ɗan abin da ya tara daga zagaye huɗun da ya yi. Sai ya ce shi zai sayi tanki, ya biya yaro, ya ɗauki sufuri, 150,000 ke nan. Abin da zai nema 1,764,000. Asusun ya ce har miliyan 2, shi kuwa ya nemi ƙasa da haka, kuma kowace naira tana da mazauninta. Wa za ka fi amincewa da shi, wanda ya ce a ba shi duka, ko wanda ya zuba nasa gumin a ciki?

Batu na uku: riba, da abin da zai iya cinye ta

A nan ne zan fi daɗewa, domin a nan ake gane mai sana'a.

Kaji 200 da ka zuba ba 200 za ka sayar ba. Ko da kulawa ta yi kyau, a sa ran asarar kamar kashi 5 cikin 100, saura 190. Wanda ya rubuta zai sayar da 200 cif ya riga ya tona kansa. Idan ka raba 1,240,000 gida 190, kowace kaza ta tsaya maka a kan kimanin naira 6,530. Mu ce ana sayen irin girmanta 7,500. Kaza 190 za su kawo 1,425,000. Ka cire abin da ka kashe, riba 185,000 a zagaye guda, ban da ɗan abin da za a samu a takin kajin wurin manoma.

Na ga wasu sun ɗan yamutsa fuska. An zuba fiye da miliyan, riba 185,000 kawai? E, haka kiwon kajin nama yake, ribarsa siririya ce, yawan juyawa ne ke tara ta. Mako bakwai na kiwo, mako biyu na wanke ɗaki da barin sa ya huta, zagaye biyar a shekara in an yi sa'a, wajen 925,000. Wannan lamba ce da mai tacewa zai yarda da ita. Wanda ya rubuta zai ninka jarinsa sau uku a wata shida yana zaton ya burge, alhali ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya biyu za a yi masa a wurin ganawa ya rasa ta cewa.

Yanzu tambayar da nake so kowa ya iya amsawa a kan sana'arsa ko da an tashe shi daga barci: nawa zan sayar kafin in mayar da uwar kuɗi? A nan ka raba 1,240,000 da 7,500, za ka samu kaza 166. Ma'ana kaza 166 na farko duk biyan abin da aka kashe suke yi. Ribar gaba ɗaya tana kan 24 na ƙarshe. Idan ka riƙe wannan a ka, za ka fahimci dalilin da ya sa ƙaramin tuntuɓe yake zama babbar faɗuwa.

Mu gwada tuntuɓe uku. Buhun abinci ya ƙaru da kashi 10 cikin 100: an ƙara maka 86,400, riba ta dawo 98,600, kusan rabi ya tafi. Ko kuma zafin watan Afrilu ya shigo, ko cuta ta ratsa, asara ta kai kashi 15: saura kaza 170, kuɗinsu 1,275,000, riba 35,000 bayan wahalar wata biyu.

Na ukun shi ne wanda matasa ba sa kawowa a ransu, kuma ya fi sauran haɗari. Kaji sun isa sayarwa, babu mai saye. Kaza ba atamfa ba ce da za ka ninke ka ajiye a kanta. A wannan girman kowace tana cin wajen giram 160 a rana. Sau 190, ya haura kilo 30, wato fiye da buhu guda kullum. A mako ɗaya buhu 8 da rabi, naira 204,000. Kun gani? Jinkirin mako guda ya haɗiye ribar zagayen duka har ya taɓa uwar kuɗi. A lokacin ne za ka ga mutum yana bin masu gashin kaji yana roƙo, su kuwa sun san halin da yake ciki, sai su taya yadda suka ga dama.

Saboda haka sashen kasuwa a takardarka ba wurin rubuta cewa Nijeriya tana da mutane sama da miliyan 200 kuma kowa yana cin kaza ba ne. Mutum miliyan 200 ba su san ƙofar gidanku ba. Abin da ake so a gani shi ne: masu gashi uku a unguwa kaza, kowannensu yana ɗaukar kaza 15 a mako, na sayar musu a zagayen da ya wuce, gidan abinci guda ya ce zai karɓi 40, sauran 'yan unguwa ne da masu biki. In za ka iya samun ɗaya daga cikinsu ya rubuta maka layi biyu ya sa hannu cewa zai saya, ka liƙa a bayan takardar. Ka kuma nuna ka san lokaci: wanda ke son ya sayar a kasuwar Sallah zai ƙirga mako bakwai baya ya zuba tsaki, kuma ya san ba shi kaɗai ne ya yi wannan dabarar ba.

Wasu suna tsoron rubuta haɗari, wai kada a ce sana'ar ba ta da tabbas. Mai ba da kuɗi ya riga ya san kaji suna mutuwa. Abin da yake so ya sani shi ne ko kai ka sani, kuma me ka tanada. Ka rubuta a sarari: a watannin zafi zan rage yawan kajin zuwa 120, zan sayi rabin abinci tun farko don kauce wa tashin farashi, zan fara karɓar oda tun mako na biyar.

Batu na huɗu: yaushe kuɗin zai fita, yaushe zai shigo

Kasafi yana faɗa maka nawa, amma ba ya faɗa maka yaushe. Asusu da dama ba sa ba da kuɗin a dunƙule, kashi-kashi suke saki, sai ka kawo rasit da hotunan kashin farko kafin a ba ka na biyu.

Mu koma ga matashinmu. An amince masa da 1,764,000, aka ba shi rabi, 882,000. Cikin murna ya gyara ɗaki, ya sayi mazubai da sikeli, 480,000 ta tafi. Ya yi odar tsaki, 200,000. Saura 202,000, kuɗin buhu 8. Buhu 8 zai kai kaji 200 wajen ƙarshen mako na uku, daidai lokacin da cinsu yake fara hauhawa. Kashi na biyu kuma yana can ana duba takardu. Me zai yi? Ko ya ci bashin abinci da tsada, ko ya rage musu ci su tsumbure, ko ya karyar da su tun ba su kai ba. Na ga wanda irin wannan ta faɗa wa, na je na same shi tsaye a ƙofar ɗakin kajin, suna ta kuka suna tsattsagar mazubin da babu komai a ciki, shi kuma yana ta duba waya ko saƙon banki zai shigo. Kasafinsa daidai yake har ƙwandala, jadawalin lokaci ne bai yi ba.

Maganin shafi guda ne. Ka ja layi mako-mako ko wata-wata, ka rubuta abin da zai fita da abin da zai shigo da abin da ya rage a hannu. Duk inda ragowar ta faɗa ƙasa da sifiri, nan ne raminka. Da matashinmu ya yi haka, da ya ga cewa kashin farko na gyaran ɗaki ne da tara abinci, kada tsako ya shigo sai kashi na biyu ya iso. Ko kuma ya fara da adadin kajin da kuɗin hannunsa zai iya kaiwa ƙarshe. Ka sa wannan jadawalin a takardarka, kaɗan ne suke sa shi.

Batu na biyar: rubutun kansa

Wannan ba zan ja shi ba, domin wanda ya yi aikin da muka bi, rubutu ya zo masa da sauƙi. Takardar tana amsa tambayoyi ne a jere: wane ne kai kuma me ka riga ka yi, wace matsala ce ta tsaye maka, me za ka yi da kuɗin, wa zai saya, me zai canza bayan shekara guda. Taƙaitawar da ke shafin farko ita ake rubutawa a ƙarshe, kuma ita ce wadda tabbas za a karanta. Ga irin yadda za ta kasance:

“Ina kiwon kajin nama 50 a kowane zagaye tun shekara guda da ta wuce, na yi zagaye huɗu. Masu gashi uku da nake kai wa suna neman fiye da abin da nake iya samarwa, amma ɗakina ba ya ɗaukar fiye da 50. Ina neman naira 1,764,000 don faɗaɗa ɗakin da gudanar da zagayen farko na kaji 200, ni kuma zan zuba 150,000. Ina sa ran ribar kimanin 185,000 a kowane zagaye, kuma zan ɗauki mataimaki ɗaya.”

Mataimaki ɗaya, ba goma ba. Kaji 200 ba sa ɗaukar ma'aikata goma, kuma kasafin da ke da albashin mutum ɗaya ba zai haifi ayyuka goma a shafi na uku ba. Doka ce mai sauƙi: duk abin da ka ambata a rubutu a same shi a kasafi, duk layin da ke kasafi a ga dalilinsa a rubutu. In ka ce za ka riƙa kai kaya da babur, ina babur ɗin yake a lissafi? In ka sa firji a kasafi, a ina ka ce za ka riƙa yanka kana ajiyewa, kuma da wace wuta?

Hujja kuwa, gani ya kori ji. Littafin da kake rubuta abin da ka saya da abin da ka sayar, ko na makaranta ne mai layi-layi da maiƙo a gefensa, ya fi shafi goma na Turanci mai santsi daraja. Ka ɗauki hotonsa, da hoton ɗakin kajin yadda yake, da bayanan asusun banki. Wanda bai fara rubutawa ba ya fara yau da daddare. Ku mata da kuke sana'a a cikin gida, wannan ya fi shafar ku, domin sau da yawa sana'ar tana tafiya sosai amma kuɗinta ya cakuɗe da na cefane, babu abin nunawa. Ki ware wa sana'ar asusunta ko da na waya ne.

Idan Turanci ne ya tsaye maka, ka rubuta da Hausa tukuna yadda ka san abin, sannan ka nemi wanda zai mayar maka, kana zaune kusa da shi. Laifi shi ne ka miƙa takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba, ranar ganawa a tambaye ka buhu nawa kajinka za su ci ka tsaya kallon silin. Kada kuma ka jira daren rufewa, lokacin da kowa ya taru a kan shafin ya ƙi buɗuwa. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗin fom ta asusunsa don ya sa sunanka, ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo maka ta waya, ɓarawo ne, ka rufe wayarka.

Shugaban taro, na ga ana yi mini nuni da agogo, zan dakata a nan.  Allah Ya sa albarka a sana'o'inku. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, ya faɗi sana'arsa, kuma zan fi jin daɗi in wani ya kawo farashin kayansa na gaskiya mu yi lissafin tare a kan allo.